Katin ɗaurin aure da Hausa da Turanci: sunan wa za a sa idan mahaifin amarya ya rasu?

"Assalamu alaikum Malam. Dan Allah shawara nake nema. An sa ranar aurena Asabar 12 ga Disamba a ƙauyenmu nan ƙasar Gagarawa, ni kuma a Abuja nake aiki, abokan aikina da yawa ba sa jin Hausa. Ina so a buga kati ɗaya da Hausa da Turanci amma ya fito da irin maganar iyaye ta da, ba irin na yaran yanzu ba. Mahaifin yarinyar ya rasu tun tana ƙarama, baffanta ne ya riƙe ta kuma shi zai ba da auren. Sunan wa zan sa, kuma yaya zan juya shi Turanci bai lalace ba?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Ni aikina kenan a nan Gumel, shekara da shekaru ina zaune gaban kwamfuta ina buga wa mutane kati, musamman in kaka ta yi an kai amfanin gona gida, lokacin da kusan kowace Juma'a da Asabar sai ka ji ana ɗaurin aure a ƙauyukan nan namu. Toh abu na farko da zan gaya maka, kuma in ka riƙe shi sauran duk mai sauƙi ne, wannan katin ba kai ne kake magana a cikinsa ba. Eh kuɗinka ne, kai za ka biya ni, amma muryar da ke ciki ta iyaye ce, gida biyu ne suke gayyatar jama'a su zo su shaida auren 'ya'yansu. Shi ya sa katin gargajiya yake farawa da "Iyalan wane da na wane", ango da amarya kuma sai can ƙasa sunansu yake fitowa. Katin yaran yanzu da kake cewa ba ka so, abin da ya ɓata shi kenan, za ka ga sunan ango da amarya ɓaro-ɓaro a sama da manyan haruffa kamar su suka aurar da kansu, iyaye kuma an matse su a gefe ko ma babu su gaba ɗaya. Dattijon ƙauye in an karanta masa irin wannan ba zai ce komai ba, amma ya ji.

Maganar marigayi da baffa

A nan zan daɗe, don nan ne ake samun ɓacin rai. Sunan mahaifinta za ka sa a layin iyalai, da Marigayi a gabansa. Rasuwa ba ta cire mutum daga kan gidansa a wajen Bahaushe, 'yarsa ce, da sunansa ake kiranta, kuma tsofaffin abokansa da danginsa na nesa da sunansa za su gane wace yarinya ce ake aurarwa. In ka sa sunan baffa shi kaɗai, wanda yake Haɗejia ko Kano ya rabu da garin shekara ashirin zai ɗauka 'yar baffan ce ta cikinsa, wani ma ba zai zo ba don bai san 'yar amininsa ba ce.

Na koyi wannan da kuɗina. Akwai lokacin da wani ango ya kawo min rubutu a takarda, sunan wanda ya riƙe yarinyar kawai ya sa, ni kuma ban tambaya ba, na buga guda 300 na yanka na ba shi. Kwana biyu sai ga shi ya dawo jiki a sanyaye, wai da aka kai katin cikin gida aka karanta wa mahaifiyar yarinyar kuka ta fashe da shi, ta ce yau an goge sunan mijinta a ranar auren 'yarsa. Babu wanda ya yi niyyar haka, amma an yi. Muka sake bugawa, na yafe masa kuɗin aikina ya sayi takarda. Tun daga ranar duk wanda ya zo min da aikin kati sai na tambaye shi, iyayen duka suna raye? wa ya riƙe ta? wa zai ba da auren?

Amma fa baffa ma ba a barinsa a waje, mutumin da ya ci da ita ya sha da ita ya kai ta makaranta, kuma shi zai zauna gaban liman a matsayin waliyyi. Hanya biyu nake bi. Ta farko, layin iyalai ya ɗauki sunan marigayi, sai sunan baffa ya zo na farko a cikin masu gayyata, kuma a wurin ɗaurin auren a rubuta ƙofar gidansa da cikakken sunansa in a nan za a ɗaura, kaga sunansa ya fito sau biyu kenan a wuri mai daraja. Ta biyu, in asali gidan babban gida ne guda, wato marigayi da baffa duk 'ya'yan mutum ɗaya ne da kowa ya sani a garin, sai a sa sunan kakan a ce "Iyalan Marigayi Malam Wane", wannan ya rufe kowa, shi da ɗan'uwansa, sunan mahaifinta kuma zai fito a jikin sunanta. Ni na fi son ta farko don ta fi fito da sunan uban yarinyar fili, amma ba ni zan zaɓa ba kuma ba kai ba ne. Ka rubuta su biyun a takarda, ka ba mahaifinka ko wakilinka ya kai wa baffan ya ce ga abin da yaro ya tsara, wanne kuka ga ya dace. Yawanci za ka ji baffan da kansa ya ce a sa sunan ɗan'uwana, kuma ya ji daɗin an tambaye shi. Kar ka aika masa hoton kati ta waya kana Abuja kana cewa ya duba, surukinka ne, ba a yin haka. Maganar wanda ya cancanci zama waliyyi a shari'a kuwa ba ta mai buga kati ba ce, wannan ta liman ce da dattawan gidan, kati yana rubuta abin da suka riga suka yanke ne kawai.

Wane gida ne a sama? A abin da nake gani a shagona, gidan da ya buga katin shi yake fara sa nasa, kuma tunda kai ne mai bugawa gidanku zai zo farko. Wasu angwayen suna ɗora gidan amarya a sama don girmamawa, musamman irin wannan da uban ya rasu, kuma ban taɓa jin wanda ya yi ƙorafi a kan haka ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne a juya jerin a tsakiya. In gidan ango ne farko a layin iyalai, toh sunan ango ne farko a ƙasa, kuma haka zai kasance a ɓangaren Turanci, don baƙo da jeri yake gane ɗan wane gida ne wane.

Ga yadda Hausar za ta kasance

Da Hausa ake farawa, ita ce uwa, a gama ta tsaf iyaye su amince sannan a taɓa Turanci. Inda na sa Wane da Wance sai ka sa sunayen.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai
GAYYATAR ƊAURIN AURE
Iyalan Alhaji Wane
da na
Marigayi Malam Wane
suna farin cikin gayyatar
Alh./Mal. ....................
zuwa wajen ɗaurin auren 'ya'yansu
Wane (Ango)
da
Wance (Amarya)
wanda za a yi in Allah ya yarda kamar haka:
Rana: Asabar, 12 ga Disamba, 2026
Lokaci: Ƙarfe 11:00 na safe
Wuri: Ƙofar gidan Alhaji Wane, garin kaza, ƙaramar hukumar Gagarawa, jihar Jigawa
Allah ya ba da ikon halarta, amin.
Masu gayyata:

Ƙarfe sha ɗayan misali na sa, ka tambayi iyaye lokacin da suka tsayar. Ka lura da kalmar 'ya'yansu, ita ce take ɗauke da nauyin katin duka. Ba a cewa ɗan wane da 'yar wane, an haɗe ku kun zama 'ya'yan gidajen biyu, kuma ita ce ta warware maganar baffa ba tare da wani dogon bayani ba, don a wajenmu 'yar ɗan'uwanka 'yarka ce. Ba a rubuta "marainiya" ko "'yar riƙo" a kati, ko kusa. Haka kuma sunan yanka ake sawa, sunan da liman zai ambata, in kuma akwai laƙabin da duk gari suka san ta da shi har in ba a faɗe shi ba ba za a gane ta ba, sai a sa shi ƙarami a ƙarƙashi.

Za ka ga na rubuta bisimilla da Hausa maimakon Larabci. Mutane da yawa suna so a sa ta da Larabci a sama, wasu har da aya ta 21 a Suratur Rum wadda ta yi maganar natsuwa da soyayya da rahama tsakanin ma'aurata. Yana da kyau a ido, amma ka tuna inda kati yake ƙarewa bayan biki, a ƙasa, a bola, yara suna wasa da shi. Ni shawarata a bar ayar, kuma in akwai malami a gidanku a ji ta bakinsa kan ita bisimillar ma. In an dage sai an sa Larabci, toh a samu mai karatu ya duba kafin a buga, don kwamfutar da ba a saita ta da Larabci ba takan warwatsa haruffan ta jera su daga hagu, mai shago da bai iya karantawa ba ba zai lura ba.

Turancin ba fassara ba ce

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ɗauki Hausar ya bi ta kalma-kalma. Turancin kati yana da tasa tsohuwar hanyar da 'yan Arewa suka daɗe suna bi, ita ma mai nauyi ce irin ta manya, abin da ake so shi ne bayanin ya zama ɗaya, girmamawar ta zama ɗaya, amma kowane harshe ya taka da ƙafarsa. Ga abin da nake bugawa a kwamfuta:

The families of Alhaji Wane
and
Late Malam Wane
cordially invite
....................
to the Wedding Fatiha of their children
Wane and Wance
which will take place, in sha Allah, as follows:
Date: Saturday, 12th December, 2026
Time: 11:00 a.m.
Venue: Residence of Alhaji Wane

Sai a ƙarasa da sunan gari da ƙaramar hukuma da jiha kamar na Hausar. Wedding Fatiha shi ne ɗaurin aure a Turancin Najeriya, duk wanda ya zauna da 'yan Arewa a ofis ya san shi, kuma yana gaya wa baƙo cewa zaman addu'a ne da shaidu. In ka sa reception abokan aikinka za su zo suna neman zauren taro da kujeru da mai kiɗa, su tarar da tabarmi a ƙofar gida an gama cikin minti ashirin. Ka kuma kula da masu shagon da suke ɗauko tsohon dizain na wani su canza sunaye kawai, na sha ganin katin Musulmi da holy matrimony a jiki, wannan kuwa lafazin auren coci ne, an manta ba a goge ba.

"Da na" ɗin nan tamu tana jawo matsala a Turanci. Mutane suna rubuta The families of wane and that of wane, sun haɗa jam'i da tilo. Ko dai ka bi yadda na rubuta a sama, ko ka ce The family of wane and that of wane, duka biyun daidai ne, kuma invite ake sawa babu s a ƙarshe tunda gida biyu ne. Their children kuma a bar shi haka, kar wani mai jin Turanci ya ce ai ba 'yarsa ba ce a sa niece, wannan gyaran ɓata zumunci ne.

Laƙabi da sarauta ba a juya su. Alhaji Alhaji ne, Malam Malam ne, kar a mayar da dattijo Mr. don an shiga Turanci. In baffan Sarkin Noma ne ko Sarkin Fawa ko Galadiman garin, haka za a rubuta a ɓangarorin biyu harafi da harafi, in ka fassara Sarkin Noma abin da zai fito ba sarauta ba ce kuma. Waɗanda suke da sunan Turanci da gwamnati ta sani su ne hakimi District Head, dagaci Village Head, mai unguwa Ward Head, su kam za ka iya sawa. Marigayi shi ne Late, kuma yana zuwa kafin laƙabi, ba bayansa ba.

A ƙasan Turancin ana sa R.S.V.P., asalinsa Faransanci ne, ma'anarsa a daure a ba da amsa. Mu a nan mun mayar da shi jerin sunayen manya. Ni yadda nake yi, masu gayyata na Hausa su ne dattawa, baffa a farko, sai wakilin ango, sai wani babba ɗaya ko biyu, ba lambar waya. A ɓangaren Turanci kuma sai in sa mutum biyu matasa masu jin Turanci waɗanda za su ɗaga waya ranar, da lambobinsu, don wanda ya taso daga Abuja ya ɓace a hanya ba dattijo mai shekara saba'in zai kira ba. Ban da layin kwatancen hanya da zan faɗa a gaba, wannan ne kaɗai wurin da nake yarda bayanin ɓangarorin biyu ya bambanta.

Rana, lokaci da hanya

Kullum a rubuta sunan ranar da sunan watan da haruffa. In ka sa lambobi zalla wani zai karanta wata a matsayin rana, taka ranar ta zo da sauƙi tunda 12 ga watan 12 ce, amma mutumin ƙauye da Asabar yake riƙe zance ba da lamba ba. Iyaye za su iya cewa a sa watan Musulunci, kuma a nan sai ka yi hattara, don 12 ga Disamba 2026 tana faɗowa a kwanakin farko na Rajab 1448, kai kuma kati za ka buga shi tun watan bai tsaya ba. A ƙasar nan sanarwar Sarkin Musulmi ake bi wajen ganin wata, kalandar bango ko ta waya takan saɓa da kwana ɗaya. In ka buga 2 ga wata ya zamana 3 ne, ka sa wa mutane shakka a kan ranar gaba ɗaya. Ko dai a bar shi, ko a rubuta "farkon watan Rajab 1448" ba lamba.

In iyaye suka tsayar da sha biyun rana, a Turanci 12:00 noon za a rubuta. Kati nawa na gani an sa 12:00 a.m., wanda sha biyun dare ne. Sannan ka gaya wa mutanenka na ofis da baki cewa ɗaurin aure a ƙauye ba ya jira, liman yana zama waliyyi da wakili suna nan an ambaci sadaki an shafa fatiha shikenan, wanda ya makara da rabin awa sai dai ya tarar ana watsewa. Kuma "ƙofar gidan wane" ya ishi ɗan gari amma bai ishi baƙo ba, ka ƙara layi ɗaya ƙarami a ɓangaren Turanci da ya faɗi babban garin da za a bi da inda za a sauka daga kwalta.

Wani abu kuma, ɗaurin aure a wajenmu zaman maza ne. In akwai mata cikin abokan aikinka, kar ka miƙa musu wannan katin kawai su zo su tsaya cirko-cirko a ƙofar gida. Kamu da yini da walima na mata katinsu daban ne, ɓangaren amarya suke yinsa, ka karɓo musu shi ko ka haɗa su da wata 'yar'uwarka da za ta shigar da su cikin gida. Ba na son a cusa jerin shagulgulan mata a katin ɗaurin aure, yana rage masa nauyi.

A wajen mai bugawa

Ka ce masa gaba da baya kake so, Hausa a fuska ɗaya Turanci a ɗayar, girman harafi iri ɗaya, kar a matse su biyun a fuska guda rubutu ya zama ƙanana dattijo ya kasa gani. Girman A5 ya fi dacewa da wannan yawan rubutun, takardar kati A4 ɗaya tana ba da biyu, wato kati 200 takarda 100 kenan. A6 yana ba da huɗu, ya fi araha, amma sai an rage sunaye.

Ka tsaya a kan haruffa masu lanƙwasa, ɗ da ƙ da ɓ. Yawancin salon rubutun ado masu kama da rubutun hannu ba su da su, sai ka ga ɗan akwati ya fito a wurin harafin ko ya ɓace, "ɗaurin aure" ya koma "aurin aure". Times New Roman da Arial suna da su. In mai shagon bai san inda zai samo su ba, a Microsoft Word ya ba da tazara ya rubuta 0257 ya danna Alt+X zai ba shi ɗ, 0199 ya ba shi ƙ, 0253 ya ba shi ɓ, babban Ɗ kuma 018A, babban Ƙ 0198, in a tsakiyar kalma ne sai ya goge tazarar bayan harafin ya fito. Ko kai ka rubuta komai a wayarka da allon Hausa na Gboard ka tura masa ya kwafa. In da CorelDRAW ya yi aikin kuma a wata kwamfutar za a buga, ya zaɓi rubutun duka ya danna Ctrl+Q ya mayar da shi zane, don kar haruffan su canza a can, amma sai bayan an gama duk gyara, don in an yi haka rubutun ba ya gyaruwa kuma.

Kar ka yarda a buga duka sai an fitar maka da guda ɗaya na gwaji a takarda. Ka kai shi gida, a samu yaro mai karatu ya karanta wa mahaifinka da ƙarfi, a kai wa baffa shi ma a karanta masa, a shigar wa mahaifiyar yarinyar ta ji sunan mijinta da kunnenta. Kunne yana kama abin da ido ya tsallake, musamman sunaye, don wani Muhammadu ne ba ya son a rubuta masa Mohammed, kuma yadda aka rubuta suna a Hausar haka za a rubuta shi a Turancin. Sai ka sa yatsa ka bi ɓangarorin biyu layi-layi, rana da rana, lokaci da lokaci, wuri da wuri. Ka bar wa kanka kamar sati uku kafin ranar, don in an samu kuskure a sake bugawa a kuma samu lokacin rabawa. Su liman da dagaci da tsofaffin abokan marigayi kuwa ba a aika musu kati a hannun yaro, babba ne zai taka ya je da goro da alewa ya faɗa musu da baki, in zai tashi sai ya ajiye musu katin.